Sifirin da Na Ba Ɗiyar Mai Garka

Ni mutum ne mai saurin fushi. Matata ta faɗa, uwata ta faɗa tun kafin ta, ɗalibaina kuma suna faɗa a bayan idona. Shekara goma sha tara ina koyar da Faransanci a lise, babbar sakandare ta nan Agadas, aji huɗu nake riƙe da su, kowane aji ya haura mutum tamanin. In na ba da aikin gida sau ɗaya, takarda ɗari uku da ɗoriya nake ɗaurawa a bayan moto in kai gida. Duk wanda bai taɓa gyaran takarda ɗari uku a cikin zafin watan huɗu ba, don Allah kada ya yi mini wa'azin haƙuri.

Da abin nan ya shigo, na'urar cikin salula da ake ce wa IA, wadda za ka ba ta tambaya ta zubo maka shafi biyu kafin ka ajiye kofin shayi, ban ankara da wuri ba. Sai da wani ƙato da ke zama a bencin baya, wanda ko takardar neman izinin fashi ba ya iya rubutawa, ya kawo mini rubutu sumul, ba kuskure ko ɗaya. Na ce ikon Allah, yaro ya shiryu. Mako na gaba mutum ashirin suka shiryu a tare, da jimloli iri ɗaya.

Makarantarmu ba ta da kuɗin sayen komai, allin ma sai an ƙirga mana. Saboda haka na zauna na haɗa ƴan dabaruna waɗanda ba sa cin ko dala.

A makon farko na shekara kowa zai rubuta mini shafi guda a cikin aji, a gabana, saluloli suna jere a kan teburina. Shafukan nan ina zuba su a kwalin biskit, kowane aji da kwalinsa. In aikin gida ya zo ya fi ƙarfin mai shi, sai in zaro tsohon shafinsa in ajiye su gefe da gefe. Mutum yana ci gaba, gaskiya ne, amma ba ya tashi daga rarrafe ya kama gudu a wata biyu. Bayan haka akwai kalma uku. Ina ja wa kalmomi uku layi da fensir a takardar, lokacin hutun ƙarfe goma in kira mai ita shi kaɗai, in ce ya gaya mini abin da yake nufi a nan, ko da Hausa ne. Wanda ya sha wuyar jimla ya san inda ta ba shi wuya, wanda ya kwafa kuma sai ya tsaya yana kallon rufin kwano. In kuma yaro ya kawo maganar wani marubuci, har da sunan littafi, sai in ce ya nuna mini inda ya gani, domin na'urar nan ta iya ƙirƙiro zance ta liƙa wa mutum, ta ba ka har da lambar shafin da babu shi. Na daina ba da tambayoyin da ake samu ko'ina, na koma tambayar abin da ke bakin ƙofarsu. Ka ce wa na'ura ta yi maganar Agadas, raƙuma da tudun rairayi da faɗuwar rana za ta kawo maka, ba ta san layin da ruwa ke kwanciya a unguwarku in an yi sama ba. Na kuma ce kowa ya haɗo da buruyonsa, wato takardar gwajin da ya fara rubutu a kai. Wannan ba ta daɗe ba suka gano ta, shaiɗanu. Sai su kwafe abin na'ura, su bi suna soke kalmomi don in ga alamar wahala. Amma buruyon ƙarya ba ya ɓuya, za ka ga an soke kalma an sake rubuta ita ɗin dai a samanta.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba hujja ba ce ita kaɗai, kuma na sani. Ni ne ma nake zaunar da sababbin malamai a ɗakin malamai ina ce musu, “Kada ku hukunta yaro a kan alama guda. Ku haɗa biyu ko uku, ku kira shi gefe, ku yi magana da shi a hankali.” Har suna na yi a kan abin. In an kama takarda mai wari sai a ce a kai wa Mushen Faransanci, wato ni malamin, ya shinshina. Ina jin daɗin haka, ba zan ɓoye ba.

Ita yarinyar da zan ba da labarinta ta zo mana a makare, cikin watan goma sha biyu, aka sa ta a ajin segwand, aji na farko a lise. Daga wani ƙauyen garake take, masu noman lambu, can gaba da Iferuwan. Ta ci jarrabawarta tun damina, amma ba a samu inda za ta zauna a birni ba. Wanda bai san ƙasar nan ba ba zai gane nauyin wannan ba. Ɗan ƙauye in ya ci jarrabawa, karatunsa yana hannun mai masauki ne, wanda muke ce wa tuteur: mutumin da zai ba shi tabarma da tuwo, ya tsaya masa a matsayin uba in makaranta ta kira. Namiji ma da ƙyar, balle mace. Mutane suna tsoron riƙon ɗiyar wani. Daga ƙarshe wani Alhaji mai sayen albasa da dankali, wanda ya yi shekaru yana ɗaukar amfanin garkar ubanta, ya ce a kawo ta, amana ce.

A benci na biyu daga baya take zama, jikin bango. Ba ta ɗaga hannu. Ranar farko da na tambaye ta sunanta ta amsa da Faransancin da Tamashek ya danne, ajin ya kwashe da dariya, na daka musu tsawa, shi ke nan na manta da ita. A cikin mutum tamanin da shida, wanda ba ya surutu kuma ba ya faɗa, wallahi sai ka shekara ba ka san fuskarsa ba.

A watan biyu na ba su aikin gida. Na ce kowa ya rubuta a kan wata sana'a ko wani aiki da yake gani yana ɓacewa a inda ya tashi. Na zauna gyara ran Asabar bayan azahar, a zaure, fanka ba wuta. Takarda ta farko mai wari, ta biyu, ta goma. Kafin la'asar na ware ashirin da uku, kusan dukkansu a kan ayarin gishiri, da jimlar buɗewa iri ɗaya, har da ƴaƴan da ban da raƙumin da ke kan kwalin shayi ba su taɓa kusantar wani ba. Raina ya gama ɓaci. Sai tata ta zo.

Ta yi rubutu a kan ban ruwa da raƙumi, irin rijiyar da ake kafa mata itace da ƙugiya mai juyawa, dabba tana ja guga yana fitowa yana juyewa da kansa a kwararo. Shafi huɗu. Ta faɗi yadda ubanta yake gane igiya ta kusa tsinkewa daga kukan itacen, tun yana can ƙarshen garka. Ta faɗi yadda raƙumin ya san iyakar takunsa, ya juyo ba a ce masa komai ba, da yadda ranar da aka kawo injin ban ruwa dabbar ta yini tana zuwa bakin rijiya tana tsayawa. Faransancin kuwa tsaf, irin na littafi, da kalmomin da ni kaina na daɗe ban gamu da su ba.

Ga abin da ya fi ci mini rai har yau. Na ga waɗannan bayanan. Ni na ƙirƙiro dabarar tambayar abin gida, na san na'ura ba ta san kukan itacen rijiya ba. Amma na ce a raina ai yarinyar ce ta ba na'ura bayanan, ita kuma ta ɗinka. Na buɗe kwalin biskit, babu shafinta, don ba ta nan a makon farko. Na juya takardar, babu buruyo. Ban tsaya na tuna cewa dokar buruyon ma a makon farko na faɗe ta ba, kuma babu wanda ya gaya mata.

Sai na yi abin da na ji wani malami ya ce yana yi. Na ɗauki salulata, na kwafe sakin layi biyu na rubutunta, na tura wa na'urar, na tambaye ta ko ita ta rubuta wannan. Ta amsa cikin ladabi cewa e, da alama rubutunta ne, salon ya yi kama da nata. Na ce alhamdu lillahi, ɓarawo ya tona abokinsa. Na zana sifiri da jan bik, ƙato, har ya huda takardar.

Ran Litinin na shiga ajin da wuta. Mutum ashirin da huɗu ba za su kiru ɗaya bayan ɗaya a hutun minti ashirin ba, haka na gaya wa kaina. Gaskiyar ita ce ina so in yi misali da wani. Kuma na zaɓe ta ne saboda tata ta fi kyau, na ɗauka ta fi kowa raina mini hankali.

“Ke, ta jikin bango, tashi.”

Ta tashi.

“Ke kika rubuta wannan?”

Ta gyaɗa kai.

“Da baki ake amsa mini. Karanta mana layin da na ja.”

Ta karɓi takardar. Ta fara karantawa, muryar can ƙasa, ta zo kan wata doguwar kalma ta furta ta a karkace. Ajin ya ɗauki ihu. Wannan karon ban tsawata musu ba.

“Kalmar da ba ki iya faɗa ba, ita kika iya rubutawa? To mene ne ma'anarta?”

Ta sunkuyar da kai, ta ja gyalenta ta rufe baki. Na tambaye ta ta biyu, shiru. Ta uku, shiru.

“Kun gani ko?” na ce wa ajin. “Har na'urar na tambaya, ta ce ita ta yi. Zauna, malama marubuciya.”

Sauran ashirin da ukun na ba su sifiri na ce su sake aikin a aji. Da yawansu dariya ma suka yi, sun san abin da suka aikata. Ita kuwa da aka tashi na tsare ta na ce ta amsa laifinta a wuce wurin. Ta ce, “Mushe, ni na rubuta.” Kalma huɗu, su ne kawai na samu daga bakinta. Taurin kan ya ƙara tunzura ni. Na wuce ofishin sansar, mataimakin shugaban makaranta mai kula da harkar karatu, na cika takardar kiran iyaye. A wurin dalili na rubuta: satar aiki ta hanyar salula, da ƙin amsa laifi. Ya buga hatimi ko karantawa bai yi ba, tun da ni ne gwanin.

Alhaji ya zo ran Laraba da hantsi. Dattijo ne siriri, da farin rawani, ƙamshin albasa yana bin rigarsa. Ya gaishe ni da hannu biyu. Aka fassara masa takardar, yana saurare yana jan carbi.

“Mushe, da salula aka yi abin nan?”

“Da salula, Alhaji.”

“Ka tabbata?”

“Na tabbata.”

“To ai yarinyar ba ta da salula. Ubanta ya hana, ni ma na hana. Ta gidana guda ce, tana aljihuna.”

Na ɗaga kafaɗa na ce, “To ta ari ta wani mana.”

Wayyo ni. Da na san abin da na faɗa, da na haɗiye harshena. Ni a kaina maganar aikin gida nake yi. Shi kuwa abin da ya ji daban ne: ɗiyar amana, a gidansa, tana da wani a waje wanda take zama da shi har ya ba ta salula ta yi shafi huɗu, kuma makaranta ta sani ta buga hatimi. Na ga fuskarsa ta canza, na ɗauka kunyar satar ce. Ya ce, “Na gode, Mushe. Allah ya saka.” Ya naɗe takardar ya sa a aljihu ya tafi.

Ran Alhamis bencinta ba kowa. Litinin ma haka. Na ce fushi take yi, za ta huce. Mako ya cika, aka shiga na biyu, wata ɗaliba ta ɗauke wurin jikin bangon saboda ya fi sanyi. Ina kiran suna ana cewa ba ta zo ba, ina sa alama ina wucewa.

Akwai wata Madam mai koyar da tarihi, ta girme ni a aiki, bakinta ba ya da linzami. Wata rana a ɗakin malamai ina ba wani sabon malami labarin yadda na'ura ta tona yarinyar, ina ƙawata zancen, sai ta ajiye kofinta.

“Tsaya, tsaya. Na'urar ka tambaya ko ita ta rubuta?”

“Ƙwarai.”

“Kai, gwanin shinshina! Ba ni salularka.”

Ta jawo tsohon kayena, littafin da nake rubuta darasi, daga cikin jakata, wanda bangonsa ya mutu, ta buɗe wani misalin rubutu da na tsara da hannuna shekara goma sha da suka wuce, tun ba a san da wata na'ura ba. Ta zauna tana dannawa da yatsa ɗaya har ta kwafe sakin layi guda. Ta yi mata tambayar da na yi. Ta miƙo mini. Na'urar ta ce e, akwai alamar ita ta rubuta.

“To ga shi, kai ma ɓarawo ne,” in ji Madam. “A kira tuteur ɗinka.”

Aka yi dariya, ni ban yi ba. Ta ce ɗanta da ke jami'a ya yi mata bayani: abin nan ba ya riƙe lissafin abin da ya rubuta wa mutane, ba shi da inda zai je ya duba. In ka tambaye shi, zato kawai yake yi, yau ya ce e, gobe ya ce a'a. Ta ce har shafukan da ake cewa an yi su musamman don gano rubutun na'ura suna kuskure, sun sha kama mai rubutu tsaf wanda bai ji ba bai gani ba. Sannan ta tambaye ni, “Ka kira ta gefe?” Na ce a'a. “Ka zaunar da ita ta rubuta maka wani abu a gabanka?” Na ce a'a. Ta ɗauki kofinta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan la'asar na nemi gidan Alhaji a tsohon gari. Sai da na bar moto a bakin wani lungu na ƙarasa da ƙafa. Ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo ruwa. Na tambayi yarinyar.

“Ta koma gida, Mushe. Tun ranar nan. Kamiyon da ya sauke albasa shi ya koma da ita.”

Ya ce ya tambaye ta salular wa ta ara, ta ce ba ta ari ta kowa ba. Ya tambaya sau uku. Ya ce shi ba zai doki ɗiyar mutane ba, kuma ba zai riƙe abin da ya fi ƙarfinsa ba, gara ya mayar wa mai ita tun ba a ji wani labari ba. Ya haɗa ta da takardar makaranta.

Na ce, “Alhaji, ni na yi kuskure. Yarinyar ba ta taɓa salula ba.”

Ya dube ni. Kafin ya yi magana sai matarsa, wadda ashe tana bayan labule, ta turo wani kaye ta ƙasan labulen. Ta ce, “A ba Mushe ya gani. Na gaya wa Alhaji, kwana biyar yarinyar nan tana duƙe a kan abin nan a tsakar gida, har ina mata faɗa ta bar tuwo yana sanyi. Amma wa zai ji tawa, ga ta makaranta da hatimi?”

Na buɗe. Rubutun rijiyar ne, sau uku. Na farko gajere, cike da soke-soke. A na biyu ta ɗauke labarin raƙumin daga farko ta mayar da shi ƙarshe, ta ja kibiya. A gefen shafi ta jera kalmomi da Tamashek, a gaban kowace ta gwada ta Faransanci biyu ko uku tana sokewa. Buruyo na gaske, irin wanda nake roƙon Allah ɗalibaina su kawo mini. A ƙasan kayen akwai wani tsohon littafin labari da ya kumbura don shan hannu. Matar ta ce kawun yarinyar ya yi aikin ja-gorar baƙi a duwatsu lokacin da Turawa suke zuwa, ya tara akwati guda na littattafan da suka bari, ita kuma ta cinye su tas. A nan na gane abin da ya faru a aji. Kalmomin a ido ta san su, ba ta taɓa jin wani ya furta su ba.

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Ina zaune a zauren mutum da kayen yarinya a cinya, ni da nake koya wa wasu yadda ake yi.

Alhaji ya ce, “Mushe, laifin da takarda ka kawo shi, da hatimi. Wankewar kuma ka kawo ta da baki. Ubanta takarda ya gani.”

Gaskiyarsa. Washegari na koma wurin sansar na ce ina son wata takardar. Ya ce ba a saba ba, makaranta ba ta rubuta cewa ta yi kuskure, a gyara makin kawai a yi shiru. Nan fushina ya yi amfani sau ɗaya a rayuwarsa. Na ce ba makaranta ce ta yi kuskure ba, ni ne, da sunana zan rubuta, hatimi kawai nake so, kuma ba zan fita ofishin ba sai da shi. Ya buga. Na shiga ajin na tsaya a inda na tsaya ranar, na ce musu abin da na faɗa a kan ƴar'uwarsu ƙarya ne, ita ta rubuta aikinta, kuma ya fi na kowa. Ba wanda ya yi dariya. Wasu ma sun fi ni jin kunya, don ba su saba ganin malami a haka ba.

Takardar ta bi direban kamiyo. Mako guda ba labari. Sai Alhaji ya aiko aka kira ni rumfarsa a kasuwa, direban ya kai tasa salular har garkar, aka haɗa ni da uban. Hausarsa kaɗan ce, Tamashek ɗina bai wuce gaisuwa ba, Alhaji yana tsakiya yana juyawa. Na ba uban haƙuri. Ya ce malami uba ne, uba kuma yana kuskure, ba komai. Sannan ya ce wani abu mai tsawo, Alhaji ya fassara. Uban ya ce tun ranar da ta sauka daga mota mutanen ƙauye suke tambayar abin da ta yi a birni aka koro ta, kuma takarda ta biyu ba ta bi gida gida kamar yadda labarin farko ya bi ba.

Ta dawo bayan mako biyar. Na soke sifirin na sa mata goma sha bakwai a kan ashirin, na kira ta gefe, yadda ya kamata in yi tun farko, na roƙe ta gafara. Ta ce, “Ba komai, Mushe.” Ba ta dube ni ba. Na ce a raina to an gyara, Allah ya rufa asiri. Har barci na fara yi da kyau.

Aikin gida na gaba ya zo a watan huɗu. Na nemo tata tun kafin ta kowa, ina ɗoki. Shafi ɗaya da rabi. Jimloli gajeru, irin na kowa, babu kalma ko ɗaya da za ta sa ka ɗaga kai. Ga kurakurai nan birjik, guda tara na ƙirga, irin waɗanda ko sau ɗaya ba ta yi su ba a shafi huɗun rijiya. Ta haɗo da buruyo, an maƙale shi da allura. Na duba, sai na ga a buruyon wurare uku ta rubuta daidai, a wurin kwafewa ta ɓata su.

Na kira ta a hutun ƙarfe goma. Na sa murya ƙasa.

“Ɗiyata, wannan ba rubutunki ba ne. Kin fi haka.”

“Nawa ne, Mushe. Ga buruyon nan.”

“Na gani. A nan kin rubuta daidai. Me ya sa kika ɓata?”

Ta dubi buruyon. Sannan ta ce, da Hausa, a hankali, “Baba Alhaji ya ce ya karɓe ni don girman babana. Amma in wata takarda ta sake zuwa daga lakwal, ko ta mece ce, in haɗa kayana.”

“Ba zan sake ba. Na rantse miki.”

“Na sani, Mushe. Amma ba kai kaɗai ne malami ba, kuma baɗi wani ne zai riƙe mu.” Ta gyara gyalenta. “Goma ta ishe ni in wuce.”

Lissafinta daidai ne. Aka buga ƙarfen komawa aji, ta ce ko za ta iya tafiya, na ce ta tafi. Na zauna da takardar a gabana. Na ɗauki jan bik na bi kurakuran nan tara ɗaya bayan ɗaya ina gyarawa, ina rubuta mata daidan da ta riga ni sani. Na sa mata goma sha ɗaya.